Jadawalin ƙidaya da minti ashirin: yadda wata nas ta daina bai wa adadi baki

Ranar da ta fara zuwa wurina, takardar sakamakonta tana naɗe a cikin jaka, ta yi laushi don yawan buɗewa da rufewa. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kano, shekararta tara tana aiki, kuma sau biyu ke nan tana zana jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci. Karatu, sauraro da magana duk ta haye bakwai. Rubutu ne ya tsaya a shida, sau biyun duka. Hukumar rajistar nas-nas da ungozomomi ta Birtaniya tana neman bakwai a sauran ɓangarorin, a rubutu kuma shida da rabi. Rabin maki ne ya tokare ta.

"Malam," ta ce, "ni fa kullum rahoto nake rubutawa a wurin aiki. Ban san me suke so ba."

A nan zan riƙa ce mata Sista, kamar yadda ake kiran su a asibiti.

Takardar sakamako ba ta rarrabe wa mutum abin da ya samu a aiki na ɗaya da na biyu. Maki ɗaya ake ba shi na rubutu gaba ɗaya. Don haka sai da na zaunar da ita ta yi mini duka biyun a gabana, cikin awa guda, kamar a ɗakin jarrabawa. Aiki na biyu, wato insha'in da ake neman kalma 250 zuwa sama, ta yi shi ba laifi. Mace ce mai ra'ayi, ta kuma iya kare shi. A aiki na ɗaya ne na ga ramin. Shi ne wanda ake ba mutum zane mai layi, ko jadawali, ko makamancinsu, a ce ya bayyana abin da ya gani cikin kalma 150 aƙalla, a kamar minti ashirin. Gaskiya ne aiki na biyu ya ninka na ɗaya nauyi a wajen haɗa maki, shi ya sa da yawa suke raina na ɗayan. Amma mai neman rabin maki ba shi da abin rainawa.

Umarnin da ke tare da zanen ba ya canzawa. Ga shi yadda yake fitowa:

```
Summarise the information by selecting and reporting the main features, and make comparisons where relevant.
```

Abu uku yake nema: a zaɓi manyan abubuwa, a ba da rahotonsu, a kwatanta inda kwatance ya dace. Babu inda ya ce a faɗi dalili, babu inda ya ce a ba da shawara, babu inda ya tambayi abin da mutum yake gani.

Jadawalin da na ba ta

Da gangan ban ɗauko mata jadawalin wata ƙasa mai nisa ba. Idan aka ba ɗalibi adadin masu hawa jirgin ƙasa a wani birnin Turai, ba shi da abin cewa a kai, sai ya kame bakinsa ba don ya koyi kamewa ba. Ni kuwa so nake in ga abin da za ta yi idan adadin ya taɓa ta. Sai na haɗa mata jadawali daga ƙidayar jama'ar Najeriya ta 1991 da ta 2006, na taƙaita alƙaluman zuwa miliyoyi. Da Turanci na ba ta, amma ga shi nan:

| Wuri | 1991, miliyan | 2006, miliyan |
|---|---|---|
| Kano | 5.8 | 9.4 |
| Legas | 5.7 | 9.1 |
| Kaduna | 3.9 | 6.1 |
| Katsina | 3.8 | 5.8 |
| Babban Birnin Tarayya | 0.37 | 1.4 |

Adadi goma kacal. Ta gama cikin minti ashirin da shida, ta rubuta kalma ɗari biyu da 'yan kai. Rabin farko na rubutun haka yake tafiya:

```
In 1991 Kano was 5.8 million and in 2006 it was 9.4 million. In 1991 Lagos was 5.7 million and in 2006 it was 9.1 million.
```

Haka ta bi layi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, jimla iri ɗaya sau biyar, sunan gari da lamba kawai suke canzawa. Ba ta yi kuskuren ko adadi ɗaya ba. Sannan da ta gama zayyana su, ta ga tana da sauran fili, sai zuciyarta ta buɗe:

```
This clearly shows that Kano is the true centre of Nigeria. Abuja grew because the capital was moved there. In my opinion, government should build more hospitals in the North.
```

Na karanta na yi murmushi, ita kuma ta ɗan ɗaure fuska. "Malam, wanne ne ƙarya a ciki?"

Tambayar tana da kyau, kuma a kanta muka shafe darasin ranar.

Jimloli uku da ba su da wurin zama

Ta ƙarshen ba ta ba mu wahala ba. Shawara ce ga gwamnati, kuma ita kanta da ta sake karanta umarnin ta yarda ba a tambaye ta ba. Ɗabi'ar aiki na biyu ce ta tsallako, domin a can dole mutum ya tsaya a kan ra'ayi, sai hannu ya saba da rufe kowane rubutu da nasiha.

Ta farkon ta fi haɗari, don ta sa rigar rahoto. Ta fara da cewa jadawalin ya nuna, alhali jadawalin bai nuna haka ba. Abin da ya nuna shi ne Kano ta fi Legas da kimanin mutum dubu ɗari uku a 2006. Zama cibiyar ƙasa kuwa hukunci ne da ya fito daga ƙirjinta. Na tuna mata cewa wannan adadin kansa an yi ta ja-in-ja a kansa: gwamnatin jihar Legas ta ƙi amincewa da sakamakon ƙidayar 2006, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Na ce mata ta ɗauka wani ɗan Legas yana zaune a kujerar da ke kusa da tata, an ba shi wannan jadawalin, shi kuma ya rubuta cewa alƙaluman ba gaskiya ba ne, an tauye jiharsa. Me za ta ce da rubutunsa? Ta ce ai ya fita daga tambaya. Na ce to ta ƙofa ɗaya kuka fita. A wannan aikin ba a ce ka tantance ko adadin sahihi ne ba. An ce ka faɗi abin da ke rubuce, kamar yadda magatakardan kotu yake rubuta abin da shaida ya faɗa ko da a ransa bai gamsu ba.

Ta tsakiyar ce ta fi ci mata rai, domin gaskiya ce tsagwaronta. An mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, 'yan makonni bayan ƙidayar waccan shekarar. Duk wanda ya san Najeriya ya san abin da ya tara jama'a a can. Amma na nuna mata jadawalin na ce ta ɗora yatsa a kan inda aka rubuta haka. Babu. Wannan shi ne ma'aunin da na ba ta, kuma shi nake bai wa kowa: duk jimlar da ka rubuta, ka iya ɗora yatsa a kan gurbin da ta fito, ko kuma ka iya fitar da ita ta hanyar tarawa, ɗebewa ko rabawa tsakanin gurabe biyu. In ba ka iya ba, daga kanka ta fito, ko da kuwa duniya duka ta shaida gaskiya ce.

Abin da ya shigar mata da maganar ba nawa ba ne, nata ne. Na tambaye ta yadda take cika takardar da ke rataye a gadon majiyyaci. Ta ce tana rubuta zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini, da lokacin da ta auna. Na ce idan zafin ya tashi daga 37 zuwa 39 tsakanin asuba da azahar, tana rubuta "zazzaɓin cizon sauro ne" a gurbin? Ta yi dariya ta ce wa ya aike ta, ai wannan sai an yi gwaji likita ya gani, ko da kuwa ita ta tabbata a ranta. Daga nan ba mu sake gardamar Abuja ba.

Akwai wani ra'ayin da yake shigowa ta taga, ba ta ƙofa ba, shi ne na kalmomin ado. Ɗalibai suna haddace kalmomi irin su `unfortunately` da `surprisingly` da `alarming` don a ce sun san Turanci. Kowace daga cikinsu hukunci ce. Wa abin ya ba mamaki? Wa ya firgita? Ana iya cewa ƙaruwa babba ce ko ƙarama, mai sauri ko mai tafiyar hawainiya, domin waɗannan ana iya auna su da sauran adadin da ke jadawalin. Amma a ce abin takaici ne ko abin alfahari, wannan ba a auna shi da lamba.

Ramin da ya fi na ra'ayi zurfi

Da mun tsaya a goge jimloli ukun nan, da rubutunta bai tashi daga inda yake ba. Babbar matsalar tana can a rabin farko, inda babu kuskure ko ɗaya.

Abu huɗu masu duba takardar suke aunawa, kowanne da rabo daidai da ɗan'uwansa: cika aikin da aka sa, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, sai nahawu. A ma'aunin cika aiki, bayanin da masu jarrabawar suka wallafa ya fito fili. Wanda ya zayyana adadi ɗaya bayan ɗaya kamar injin, ya nutse cikin ƙananan bayanai bai ɗago ya ga hoton gaba ɗaya ba, siffar mai maki biyar ke nan. Mai shida ya yi yunƙurin kawo dunƙulallen bayani. Mai bakwai kuwa dunƙulallen bayaninsa a sarari yake, ya rarraba alƙaluman kashi-kashi yadda ya dace, ya kuma fito da manyan sauye-sauye ko bambance-bambance. Wannan dunƙulallen bayanin shi suke kira `overview`, kuma rubutun Sista ba shi da shi ko kaɗan. Ta mayar da jadawali zuwa jimloli ne kawai. Mai karatu ya gama bai san komai fiye da abin da zai sani in ya kalli jadawalin da kansa ba, har ma gara jadawalin don ya fi saurin karantuwa.

Sai na karɓe mata alƙalami, na ce minti uku ba za ta rubuta komai ba. Ta kalli jadawalin, ta gaya mini da Hausa abin da za ta faɗa wa wanda ya kira ta a waya yana sauri, ba tare da ta ambaci lamba ko ɗaya ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Duk sun ƙaru."

"Sai me?"

"Kano da Legas ne manya, da can da yanzu. Ba wanda ya wuce wani."

"Abuja fa?"

"Ita ce ƙarama har yanzu. Amma ita ta fi saurin..." Ta dakata. "A'a, Malam, Kano ta ƙaru da miliyan uku da wani abu, Abuja kuwa miliyan ɗaya kawai. To wa ya fi ƙaruwa?"

Wannan tambayar ita ce zuciyar jadawalin, kuma ita ta gano ta. Ƙaruwa iri biyu ce. In ana maganar yawan kawunan da aka samu, Kano ce gaba da miliyan 3.6, Legas na biye da 3.4, Kaduna 2.2, Katsina 2.0, Babban Birnin Tarayya kuwa miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya, shi ne na ƙarshe. In kuwa ana maganar ƙaruwa gwargwadon girman da aka fara da shi, jerin sai ya kife. Jihohin nan huɗu duk sun ƙaru da tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na abin da suke da shi, shi kuwa Babban Birnin Tarayya ya kusa ruɓanya kansa sau huɗu. Wuri ɗaya ne na ƙarshe a wani ma'auni, na farko a wani. Ɗalibin da ya rubuta cewa Abuja ta fi kowa ƙaruwa bai faɗi ta wace fuska ba, ya faɗi rabin gaskiya, kuma mai dubawa zai iya ɗaukarsa a matsayin kuskure.

Abin da ta faɗa da baki shi muka mayar Turanci:

```
Overall, all five areas had larger populations in 2006. Kano and Lagos remained the most populous and added the most people, while the FCT, although still the smallest, grew fastest in proportional terms.
```

Jimla biyu, ba adadin jama'a ko ɗaya a ciki. Ina sa ɗalibaina su ajiye shi a sakin layi na biyu, nan da nan bayan jimlar gabatarwa. Ba doka ba ce, ana iya kai shi ƙarshe. Amma wanda ya bar shi sai ƙarshe, lokaci yana iya cinye shi, kuma na lura a ƙarshen rubutu ne shaiɗanin nasiha ya fi yi wa mutum raɗa.

Jimlar gabatarwa ba ta da wani dogon zance. Ka faɗi abin da jadawalin yake nunawa, na ina, na wane lokaci, da kalmominka. Abin da aka kwafo kai tsaye daga tambaya ba ya ƙara wa mutum komai.

Inda Hausa take leƙowa ta cikin Turanci

Da ta gane cewa jadawalin ya kasu uku, manya biyu, matsakaita biyu, da ƙarami ɗaya mai gudu, tsarin sauran rubutun ya fito da kansa. Sakin layi ɗaya na Kano da Legas, ɗaya na sauran ukun. Saura yadda za a faɗa, kuma a nan ne na daɗe da ita, domin kurakuranta ba na rashin Turanci ba ne, na tunani da Hausa ne.

Mu da Hausa muna cewa Kano ta fi Legas, kowa ya gane jama'a ake nufi. Muna cewa Kano ta ƙaru, ba wanda zai zaci ƙasar ce ta faɗaɗa. Sai ɗalibi ya ɗauko wannan ya rubuta `Kano was 5.8 million` ko `Kano increased`. A Turancin rahoto, ba Kano ce miliyan 5.8 ba, jama'arta ce. Dole abin da ake aunawa ya zama shi ne kan jimla. Kuma in za a kwatanta, jama'a ake kwatantawa da jama'a, ba jama'a da gari ba, shi ya sa ake buƙatar `that of Lagos` a maimakon `Lagos` shi kaɗai.

Na biyu, bambancin "ta ƙaru da" da "ta kai". Da Hausa ba ma ruɗewa: jama'ar Kano ta ƙaru da miliyan 3.6, ta kai miliyan 9.4. Da Turanci ƙananan kalmomi biyu ne suke ɗauke da wannan nauyin, `by` na abin da aka ƙaru da shi, `to` na inda aka kai. A gwajinta na biyu Sista ta rubuta cewa jama'ar Kano `rose by 9.4 million`. Kalma ɗaya ta canza, sai ga Kano da mutum sama da miliyan 15. Irin wannan kuskuren yana cin mutum gida biyu, a nahawu da kuma a sahihancin bayani. Ga jimlar da muka tsaya a kanta:

```
Kano's population rose by 3.6 million to 9.4 million, whereas that of Lagos increased by 3.4 million to 9.1 million, so the gap between them widened from 0.1 to 0.3 million.
```

A lura da abin da ya faru a nan. Jimla ɗaya ta ɗauki abin da a da ta faɗa cikin biyu, ta kuma ƙara abin da babu shi a rubuce a jadawalin amma yana fitowa daga ɗebewa: tazarar da ke tsakaninsu. Wannan ba ra'ayi ba ne, lissafi ne, kuma shi ake nufi da kwatance. Kalmar `so` ma a nan ba dalilin duniya take kawowa ba, sakamakon lissafin kawai take nunawa.

Na uku shi ne ninki, kuma shi ne mafi santsi, domin ko a tsakaninmu in mutum ya ce abu ya ƙaru ninki uku, sai ka tambaye shi ko ya zama uku ne ko an ƙara uku a kan ɗaya. Daga 0.37 zuwa 1.4, in ka raba, za ka samu kusan 3.8. Wato sabon adadin ya kusa huɗun tsohon. Amma ƙarin da aka samu kusan kashi 280 ne cikin ɗari, ba 380 ba, domin ɗari ɗin farko dama yana nan. Sista ta rubuta kashi 400, ta haɗa kuskure biyu wuri guda. Shawarata gare ta ita ce a ɗakin jarrabawa, inda babu na'urar lissafi, ta bar kashi cikin ɗari in ba jadawalin ne ya ba ta shi ba, ta riƙe kalmomin da ido yake iya tabbatarwa: ya ruɓanya, ya kusa ruɓanya sau huɗu, kusan rabi, kusan kwata.

```
The FCT's population almost quadrupled, from 0.37 to 1.4 million, yet it was still only about a quarter of Katsina's.
```

Kalmomin kusantarwa irin `almost` da `about` ba rauni ba ne. Su ne suke kare mutum daga faɗin abin da bai cika daidai ba.

Ita da kanta ta hango wani abu da ni ban lura da shi ba lokacin da nake haɗa jadawalin: Katsina a 2006 tana da miliyan 5.8, daidai abin da Kano take da shi a 1991. Ta tambaya ko ta sa. Na ce ta sa mana, yatsa yana hawa gurabe biyun. Irin wannan kwatancen na gicciye, wanda ba ya bin layi ko ginshiƙi, shi yake nuna cewa mutum ya karanta jadawalin ba kwafarsa ya yi ba.

Kalmar da jadawalin bai ba ta izini ba

A gwaji na uku ta kawo rubutu mai tsabta, sai dai ta ce jama'ar Kaduna `rose steadily`, wato ta yi ta hawa sannu a hankali ba tangarɗa. Ta haddace kalmar ne daga darussan zane mai layi. Na tambaye ta nawa ne jama'ar Kaduna a 1998. Ta duba ta ce babu. To ta yaya ta san hawan a jere yake? Jadawalin shekara biyu kawai ya ba mu, farko da ƙarshe, tsakaninsu shekara goma sha biyar da ba mu ga komai ba. Ana iya cewa ya fi, ya ƙaru, ya tashi daga kaza zuwa kaza. Yadda tafiyar ta kasance kuwa, sai in an nuna tsakiyar hanyar.

Wannan ne babban bambancin jadawali irin wannan da zane mai layi, don haka a mako na gaba na kawo mata layi biyu: jama'ar Sin da ta Indiya, daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce har zuwa hasashen shekaru masu zuwa. A nan kalmomin motsi sun samu wurinsu, domin ido yana ganin siffar tafiyar. Abin da za a nema a layi kaɗan ne: inda kowanne ya fara da inda ya ƙare, inda ya kai ƙololuwa, inda ya juya, da inda layi biyu suka haɗu. A wannan zanen mahaɗar tana 2023, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta Indiya ta wuce Sin, kowace tana da sama da mutum biliyan 1.4. Wanda ya bi shekara-shekara yana karanto lamba bai ambaci wannan mahaɗar ba, ya bar giwa ya kama ɓera.

Abu biyu na sa mata ido a kai. Na farko, lokacin aiki: abin da ya wuce a faɗe shi a matsayin ya wuce, abin da ke bayan shekarar da muke ciki kuwa hasashe ne, sai a ce `is projected to` ko `is expected to`, kada a yi rantsuwa a kan gobe. Na biyu, ko za ta kawo dokar haihuwar ɗa ɗaya da Sin ta yi aiki da ita shekaru da dama. Na ga alƙalaminta ya tsaya a daidai inda layin Sin ya fara lanƙwasa. Ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Na sani, Malam. Ba ya cikin takardar gado." Ta ci gaba.

Inda muka tsaya

Da yake a kwamfuta za ta zana, sauran gwaje-gwajen duk a kan allo muka yi su, inda adadin kalmomi yake fitowa yayin da mutum yake bugawa. Na raba mata minti ashirin ɗin haka: uku na kallo ba rubutu, goma sha huɗu na rubutu, uku na dubawa. Wannan rabon nawa ne, ba na masu jarrabawa ba, wani malamin zai iya ba da wani. A minti ukun ƙarshe abu biyu kawai take yi. Ta bi kowane adadi ta gwada shi da jadawalin, sannan ta nemi duk inda ta rubuta `because` ko `should` ko `I`, ta tambayi kanta ko yatsa zai hau.

Ta yi fargabar cewa in ta cire ra'ayi da dalilai ba za ta kai kalma 150 ba, kuma fargaba ce da nake ji daga kusan kowa. Rubutunta na huɗu a kan jadawalin ƙidaya ya tsaya a kalma 171, sakin layi huɗu, cikin minti goma sha tara. Kwatancen ne ya cike gurbin. Ba ta ambaci duk adadi goman a jere ba, ta haɗa Kaduna da Katsina a jimla ɗaya domin tafiyarsu kusan iri ɗaya ce, ta kuma nuna cewa tazarar da ke tsakanin Legas da Kaduna ta buɗe daga miliyan 1.8 zuwa 3.0.

Ba komai ne ya gyaru ba. Har yanzu in ta yi sauri takan rubuta `9.4 millions` da ƙarin harafi a ƙarshe, kuma tana yawan jingina da `whereas` har sau uku a rubutu ɗaya, abin da zai iya rage mata a ma'aunin tsari da haɗuwar zance. Na ja mata layi a ƙarƙashin guda biyu, na ce ta nemo musu madadi kafin Asabar. Ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce tana da aikin dare, sai ta samu sararin dubawa in majiyyata sun yi barci.